Ku duba mini wannan wasiƙar kafin na tura wa kamfanin caca

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ba zan yi kwana-kwana ba, shekara biyu da wani abu ina buga cacar ƙwallo a waya, kuma yanzu na yanke shawarar bari. Akwai ragowar kuɗina a asusun, 58,000 allon yake nuna mini. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa, amma kafin na tura ina so masu sani su duba. Na sa ta nan da Hausa don kowa ya gane, daga baya zan mayar da ita harshen da suke karɓar saƙo da shi. Ga ta:

"Zuwa ga masu kula da abokan hulɗa. Ina gaishe ku. Na daɗe ina hulɗa da ku, kuma na yi asara mai yawa wadda ta jefa ni cikin damuwa da bashi. Saboda haka ina roƙonku don Allah ku taimaka ku dawo mini da kuɗina, idan kun gama biyana sai ku rufe asusun. Na gode. Nura."

Don Allah ban da wa'azi, na sha shi a gida. Gyara nake nema.

Sagir: Wa'alaikumus salam. Abokina wasiƙar me kuma? Shiga ka danna `Withdraw`, kuɗinka ya faɗo banki, ka goge manhajar daga wayarka, magana ta ƙare. Ranar da ka ce musu za ka tafi, ranar za su fara ja maka rai. Mutum ba ya gaya wa mai riƙe da kuɗinsa cewa ba zai dawo ba.

Nura: Na gwada Sagir. Da na rubuta 58,000 sai ya ƙi, ya ce abin da zan iya cira bai kai haka ba. Shi ya sa ma na koma ga wasiƙa.

Anti Rabi: Nura ƙanena, Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Amma ka cire rai da wannan kuɗin. Ban taɓa jin wanda ya yi asara a caca ya rubuta takarda aka mayar masa ba. Abin da ruwa ya ci ya ci.

Nura: Anti ba abin da na yi asara nake nema ba, wannan na haƙura da shi. Ragowar da ke cikin asusun yanzu nake nufi.

Anti Rabi: Au, to ai wasiƙar taka ce ta ruɗe ni. Ka ce ka yi asara mai yawa, sai ka biyo da "ku dawo mini da kuɗina". Kowa zai ɗauka asarar kake nema.

Malam Bashir: Anti Rabi ta yi maka gyara na farko ba tare da ta yi niyya ba. Na yi shekara huɗu ina amsa irin waɗannan saƙonnin a wani kamfanin caca kafin Allah ya raba ni da aikin, kuma wallahi yadda ta fahimci wasiƙar haka ma'aikaci zai fahimce ta. Mutumin da ke gabansa akwai saƙo ɗari yana jira ba ya zama ya yi tafsiri. Zai ga asara, ya ga a dawo da kuɗi, ya ɗauko amsar da aka riga aka tanada mai cewa ba a mayar da kuɗin da aka riga aka buga, ya tura maka, ya rufe maganar. Kai kuma ka rasa kwana uku a banza.

Amma wannan ƙarami ne. Abin da ya fi damuna a wasiƙar shi ne inda ka ce "idan kun gama biyana sai ku rufe asusun". Da hannunka ka ba su izinin barin asusun a buɗe har sai an biya ka. Biyan yana iya ɗaukar kwana biyu, yana iya ɗaukar mako uku idan suka nemi takardu. Duk tsawon lokacin nan kuɗin yana zaune, kai kana da mabuɗin shiga, ga wasanni ana yi kullum. Na ga mutane da yawa da suka rubuto irin wannan, kafin mu kai ga saƙonsu babu ko sisi a asusun, kuma babu wanda ya taɓa musu kuɗin, su suka koma cikin dare suka buga shi.

Kafin na ci gaba, shiga ka duba mana. A wajen da ake nuna kuɗinka yawanci an raba shi gida biyu, na cirewa da na bonas. Nawa ne kowanne? Sannan akwai tikitin da ba a kammala ba?

Nura: Malam na duba. Na cirewa 38,000, bonas 20,000. Tikiti biyu ne a buɗe. Ɗaya na 2,000 wasannin ƙarshen makon nan ne, ɗayan na 3,000 na saka shi a kan wanda zai ɗauki kofin gasar, sai ƙarshen kaka za a sani, kusan wata biyar nan gaba.

Malam Bashir: To ka ga dalilin da ya ƙi ba ka 58,000. Kuɗinka 38,000 ne. Wancan 20,000 ɗin ba naka ba ne tukuna, igiya ce a ƙafarsa. Duba sharaɗin bonas ɗin, sau nawa aka ce sai ka juya shi?

Nura: Sau 5. Kuma ya nuna na buga 35,000 daga ciki.

Malam Bashir: Lissafin ke nan. 20,000 sau 5, 100,000. Ka buga 35,000, saura 65,000 da za ka buga kafin bonas ɗin ya zama kuɗin da ake cirewa. Wato don ka ceto 20,000 sai ka sake zuba abin da ya fi duk kuɗin da ke asusunka a cikin caca, kana fatan ka riƙa ci kana sake bugawa har ka cika adadin. Kowane zagaye kuma akwai kason kamfani da aka riga aka gina a cikin farashin wasan, ba ya fashi. Ga wanda ya zo barin caca, wannan ba ciniki ba ne. Ka rubuta musu ƙarara cewa ka yafe bonas ɗin. Amfanin faɗin haka shi ne, wasu kamfanonin suna kulle har kuɗin mutum na gaskiya muddin akwai bonas mai rai a asusun, kuma idan ba ka ce ka yafe ba sai a amsa maka da "ka cika sharaɗin bonas tukuna".

Sagir: To ai maganata ce ta fito. Ya danna 38,000 ya cire abinsa. Wasiƙar dai ba ta da amfani.

Malam Bashir: Rabin maganarka daidai ne Sagir. Ya fara da neman cirewa ta cikin manhajar, wannan na yarda, domin ita ce hanya mafi sauri kuma tana barin shaida mai lamba da lokaci. Inda muka rabu shi ne goge manhaja. Goge manhaja ba ya rufe komai. Asusun yana nan, lambar wayarsa tana cikin jerin waɗanda ake tura wa talla, kuma minti biyu ya ishe shi ya sake sauke ta.

Ɗanlami: Bari na sa baki a nan don ni abin ya ci. Bara na yi daidai yadda Sagir ya ce. Na nemi cirewa da yamma, aka rubuta mini yana kan hanya, sai an tantance. A gefen wajen akwai wani ɗan maɓalli na soke cirewar. Ban san lokacin da na danna shi ba wajen ƙarfe ɗaya na dare, na ce bari na ɗan ninka shi kafin safiya. Kafin asuba babu komai. Abin haushin ma ban iya gaya wa kowa ba, don na riga na yi wa matata albishir cewa na daina. Ni dai a ganina da gangan suke jinkirta biyan.

Malam Bashir: Ba zan rantse cewa kowane jinkiri da gangan ne ba, akwai tantancewa ta gaskiya da doka ta ɗora musu. Amma wannan maɓallin da ka faɗa sananne ne, har hukumar da ke kula da caca a Birtaniya ta haramta wa kamfanonin da ke ƙarƙashinta shi tun 2021, saboda irin abin da ya same ka. A wurare da yawa kuwa yana nan daram. Shi ya sa nake cewa kada a bar tazara tsakanin neman kuɗi da kulle ƙofa. A zama ɗaya ake yin su.

Nura, kalmar da ta fi komai muhimmanci ba ta cikin wasiƙarka. Ka ce "ku rufe asusun". A wajensu rufewa iri biyu ce. Akwai ta yau da kullum, wadda idan ka dawo bayan kwana uku ka ce ka canza shawara za a buɗe maka nan take, wani lokacin har da ɗan bonas na barka da dawowa. Akwai kuma wadda za ka gani a allon da sunan `self-exclusion`, yawanci a ƙarƙashin `Responsible Gambling`. Ita wannan kai ne kake cewa a hana ka, na wani lokaci da ka zaɓa, kuma ko ka dawo kana kuka ba a buɗewa sai lokacin ya cika. Ko da wane harshe ka rubuta wasiƙar, ka sa wannan kalmar yadda take, ka kuma faɗi dalili a jimla ɗaya: caca ta fi ƙarfinka. A inda na yi aiki, saƙon da ya ƙunshi wannan ba ya tsayawa a teburinmu, wani sashe daban ake miƙa wa, kuma an hana mu yi wa mai shi tayin komai don ya zauna.

Zulai: Malam tambaya. Idan ya ce musu caca ta fi ƙarfinsa, ba za su fake da wannan su riƙe kuɗin ba? Ni tsorona ke nan. Kuma da zarar sun kulle ai ba zai iya shiga ya ga ko an biya ko ba a biya ba.

Malam Bashir: Ɓangare na biyu na tambayarki gaskiya ne, kuma shi ya sa akwai aikin da zai yi kafin ya kulle. Ya ɗauki hoton allon da ke nuna 38,000 da 20,000 a rarrabe, da lambar asusunsa, da tikitin nan biyu da lambobinsu, da tarihin kuɗin da ya saka da wanda ya cira, da shafin da ya nuna ya nemi cirewa. Ya ajiye kwafin sharuɗɗan kamfanin kamar yadda suke a yau, don suna canzawa. Bayan an kulle, waɗannan hotunan su ne kawai idonsa.

Na farkon kuma, hana kai caca ba laifi ba ne da ake cin tarar mutum a kansa. A dokar Birtaniya ma wajibi ne kamfani ya rufe asusun wanda ya nemi haka ya mayar masa da kuɗin da ke ciki. Sauran wurare ya danganta da wanda ya ba kamfanin lasisi, kuma ana ganin sunan hukumar a can ƙasan shafinsu da ƙananan haruffa. Wata hukumar tana da haƙora, wata kuwa sunanta kawai ake liƙawa. Amma a abin da na gani da idona, ba wannan ne ke riƙe kuɗin mutane ba. Suna ne. Nura, sunan da ke kan asusun cacar shi ne a katin shaidarka da asusun bankinka, harafi da harafi? Kuma duk kuɗin da ka taɓa sakawa daga asusunka ya fito?

Nura: Sunan ɗaya ne, sai dai a banki akwai sunan kakana a ƙarshe, a wajensu babu. Kuɗi kuma… na ƙarshen da na saka, 15,000, daga asusun yayana na tura, bashi na karɓa a wajensa na ce masa wata buƙata ce. Ban ma buga shi ba, yana cikin 38,000 ɗin nan.

Malam Bashir: To a nan gizo ke saƙar. Sunan kaka ba babbar matsala ba ce, katin shaida zai warware ta. 15,000 ɗin ne zai iya jan lokaci, ta fuska biyu. Kusan duk kamfanonin nan sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a saka kuɗi daga asusun wani. Sannan da yawansu suna so kuɗin da aka saka a buga shi ko sau ɗaya kafin a cire, don kada a mayar da su hanyar wanke kuɗin haram, a shigo da shi ta nan a fitar ta can. Kuɗi ya shigo da sunan wani, ba a taɓa shi ba, yana neman fita da sunan wani daban: wannan shi ne ainihin abin da aka koya wa na'urarsu ta tsayar.

Sagir: Wannan mai sauƙi ne. Ya ɗora 15,000 ɗin a kan wasan da ba ya faɗuwa, irin mai farashin 1.05, ya cika sharaɗin, ya cire. Kuma kada ya kuskura ya ambaci yayansa, me ya kai shi tona wa kansa asiri?

Ɗanlami: Sagir ka ji tsoron Allah. Mutum ya zo yana cewa zai daina, kai kana ce masa ya buga na ƙarshe. Duk wanda ka gani a cikin ramin nan "na ƙarshe" ne ya ajiye shi. Kuma ni mai 1.05 ya taɓa kayar da ni.

Malam Bashir: Ɓoyewar ma ba za ta yi ba, sunan wanda ya turo kuɗin yana gabansu tun ranar da ya shigo. Ni shawarata ya faɗa da kansa, ya ce 15,000 na ranar kaza daga asusun ɗan'uwansa ya fito, ba a buga shi ba, kuma ya yarda a mayar da shi inda ya fito. Sau da yawa hakan suka fi so, don ƙa'idarsu ita ce kuɗi ya koma ta hanyar da ya shigo. Za su iya cire wani abu a matsayin kuɗin aiki idan sharuɗɗansu sun tanadi haka, za su iya neman katin shaidar yayan. Ba na ba ka tabbacin zai tafi sumul, Nura. Akwai kamfanin da zai tsaya kan cewa ka karya sharaɗi.

Nura: Wato yayana zai ga kuɗi ya shigo masa da sunan kamfanin caca.

Anti Rabi: Ƙanena, ai tun ranar da ka tura sunan kamfanin yana cikin bayanan bankinsa, bai duba ba ne kawai. Gara ya ji daga bakinka yau da ya gani da idonsa gobe. Ka same shi, ka nuna masa wasiƙar ma. Wanda ya zo da takardar barin abu ba a yi masa faɗan da ake yi wa wanda aka kama.

Malam Isiyaku: Na san ya ce ban da wa'azi, kuma ba shi zan yi ba. Tambaya ce da ya kamata ya yi wa kansa: a cikin 23,000 da ya rage bayan na yayansa, nawa ne uwar kuɗinsa, nawa ne abin da ya ci? Abin da na ji daga malamaina shi ne mutum ya ɗauki abin da ya saka, ribar kuma ya fitar da ita ga mabuƙata ba da niyyar neman lada ba.

Zulai: Malam ai idan aka haɗa duk abin da ya saka a shekara biyu, ya ninka wannan sau nawa. Ina ribar take? Ko kuwa tikiti-tikiti ake lissafin?

Malam Isiyaku: Wannan kam sai ya zauna da malami ya baje masa lissafin. Ba zan yanke a nan ba.

Nura: Na gode muku duka. Na sake rubutawa, ku duba:

"Sunana kaza, lambar asusuna kaza, lambar waya da imel ɗin da na yi rajista da su kaza. Ina neman ku sa mini `self-exclusion` daga yanzu, na tsawon lokaci mafi yawa da kuke bayarwa, saboda caca ta fi ƙarfina. Kada ku jira a gama biyana kafin ku kulle. Kuɗin da ke asusuna na cirewa 38,000 ne a yau, kuma na riga na nemi cire 23,000, ga hoton shaida. Sauran 15,000 da aka saka ranar kaza daga asusun ɗan'uwana ya fito, ba a buga shi ba, na amince a mayar da shi can. Na yafe bonas na 20,000. Ku daina turo mini talla ta waya da imel. Ku goge duk bayanaina. Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 7, mai ɗauke da ranar da aka kulle da ranar da za a biya."

Malam Bashir: Yanzu ka yi wasiƙa. Gyara uku. Ka manta tikitin nan biyu. Na ƙarshen mako ka ce idan ya ci a tura kuɗin bankinka ba tare da ka shiga ba. Na wata biyar ɗin kuwa, duba ko akwai `Cash Out` a kansa, wato su biya ka wani abu yanzu a rufe tikitin kafin a gama gasar, ko nawa suka ba ka karɓa kafin ka kulle, ko da bai kai 3,000 ba. Ba don kuɗin ba, don kada ka yi wata biyar kana bin teburin gasa da zuciyar mai tikiti.

Na biyu, cire "ku goge duk bayanaina". Ba za su goge ba, dokokin hana wanke kuɗi suna tilasta musu ajiye bayanan hulɗa na shekaru, a ƙasashe da yawa shekara 5. Kuma kai ma ba ka so su goge, domin da sunanka da lambarka za su gane ka idan wata rana ka zo buɗe sabon asusu. Hana talla ya wadatar.

Na uku, ka tura daga imel ɗin da ka yi rajista da shi, ka haɗa da hoton katin shaida da takardar banki mai nuna sunanka tun yanzu, kada ka jira su tambaya. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko wanda ya kira ya ce daga kamfanin yake. Idan akwai maɓallin `self-exclusion` a manhajar, danna shi da kanka bayan ka gama ɗaukar hotuna, wasiƙar ta zama shaida.

Ɗanlami: Ka kuma sani kamfani ɗaya ka kulle, sauran suna nan. Ni na sa BetBlocker a wayata, kyauta ce, tana toshe shafukan caca. A Birtaniya suna da GAMSTOP tun 2018, rajista ɗaya ta kulle ka daga duk kamfanonin cacar intanet masu lasisin ƙasar, amma ba ko'ina ake da irinta ba.

Sagir: Ni dai har yanzu ina ganin da bai ambaci yayan ba da tuni an wuce wajen.

Nura: Ga yadda ake ciki bayan kwana shida. Na karɓi 1,900 a tikitin kofin, na ƙarshen mako ya faɗi. Sun kulle asusun a ranar da na tura, na gwada shiga ya ƙi. 23,000 da 1,900 ɗin sun shigo jiya. Na 15,000 sun ce sai yayana ya turo katin shaidarsa da takardar bankinsa, kuma ba su faɗi rana ba. Na gaya masa, bai ce komai ba, ya dai ce na turo masa adireshin imel ɗin. Abin mamaki, yau da safe saƙon talla ya shigo mini daga wajensu, wai bonas na jirana.

Malam Bashir: Ɗauki hotonsa da ranar da lokacin, kada ka danna komai a ciki. Tura musu a kan wancan imel ɗin dai, kada ka buɗe sabo, ka ce wannan ƙorafi ne a hukumance kuma kana son lambar ƙorafin. Sannan duba ƙasan shafinsu ka gaya mana wace hukuma ce ta ba su lasisi.